Wa Ya Faɗa, Kuma Yaushe? Yadda Ake Tsara Jingar Kimiyya a Kan Sauyin Yanayi

"Tafkin Chadi ya ragu da kashi 90 cikin ɗari." Da wuya malamin kimiyya ko na labarin ƙasa ya ba da jinga a kan sauyin yanayi a ƙasashen da ke kewaye da tafkin bai ci karo da wannan jimla ba. Ɗalibai sun ji ta a rediyo, sun gan ta a waya, sun ji ta a bakin manya. Jimlar kuwa tana da asali. A farkon shekarun 1960 faɗin tafkin ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Farin da ya afka wa yankin Sahel a shekarun 1970 da na 1980 ya janye ruwan, har ya zama a tsakiyar shekarun 1980 abin da ya saura bai kai murabba'in kilomita 2,000 ba.

Sai dai jimlar, yadda ɗalibai ke rubuta ta tsirara, ta ɓoye abubuwa uku. Ba ta faɗi daga wace shekara zuwa wace shekara aka yi wannan raguwa ba. Ba ta faɗi wanda ya auna ba. Ba ta kuma faɗi abin da aka auna ba, ko sararin ruwa kaɗai, ko har da ruwan da ke kwance ƙarƙashin ciyayi. Wanda ya karanta ta zai ɗauka tafkin na nan yana ta ƙafewa har gobe. Alhali wani bincike da Pham-Duc da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Scientific Reports a 2020, bisa hotunan tauraron ɗan Adam, ya nuna cewa a shekaru ashirin da suka gabaci binciken faɗin tafkin bai ci gaba da raguwa ba, ko da yake ɓangarensa na arewa ya ɗan ja baya.

Wannan ne ya sa nake ganin kuskure ne a ɗauki tsarin manazarta da kanu da bayanin zane a matsayin kwalliyar da ake yi wa jinga bayan an gama ainihin aiki. A fagen sauyin yanayi kowane adadi yana da mai shi, yana da shekararsa, yana kuma da ma'aunin da aka gwada shi da shi. Tsarin rubutu shi ne ke tilasta wa ɗalibi ya fito da waɗannan fili. Bari mu ɗauki jinga guda mu bi ta daga kai har ƙafa. A ce ɗaliba ce a aji biyu na babbar sakandare, an ce ta rubuta shafi biyar a kan sauyin yanayi da Tafkin Chadi. Ko da Turanci za ta rubuta, kamar a Najeriya, ko da Faransanci, kamar a Nijar da Chadi, ginin ɗaya ne.

Kanu: kada take ya yanke hukuncin da hujja ba ta yanke ba

Abu na farko da ɗalibarmu za ta rubuta shi ne taken jinga, kuma a nan ake fara zamewa. Hannunta zai so ya rubuta "Yadda Sauyin Yanayi Ya Ƙafar da Tafkin Chadi". Take ne mai jan hankali, amma ya riga ya yanke hukunci biyu tun kafin a buɗe shari'a: cewa tafkin ya ƙafe, da cewa dalili ɗaya ne ya jawo. Masu bincike ba su faɗi haka ba. Coe da Foley, a binciken da suka wallafa a 2001, sun danganta raguwar da abu biyu, ƙarancin ruwan sama da kuma janye ruwa daga kogunan da ke ciyar da tafkin don noman rani. Taken da ya dace da abin da ke hannunta shi ne wani abu kamar "Sauye-sauyen Faɗin Tafkin Chadi Daga 1963 Zuwa 2020 da Dalilansu". Ya faɗi wuri, ya faɗi lokaci, ya bar ƙofa a buɗe don hujja ta yi magana.

Daga nan sai kanun sassa. Jinga mai shafi biyar ba ta buƙatar fiye da manyan kanu biyar ko shida, kuma mataki biyu ya wadatar, wato babban kai da ƙaramin kai. Ga yadda tata za ta iya kasancewa:

1. Gabatarwa
2. Ɗumamar duniya a taƙaice
3. Yadda faɗin tafkin ya sauya
   3.1 Shekarun fari, 1963 zuwa 1990
   3.2 Daga 2000 zuwa 2020
4. Dalilan sauyin
   4.1 Ruwan sama da kogunan Shari da Logon
   4.2 Noman rani
5. Kammalawa

Sai manazarta su biyo a ƙarshe da nasu kan.

Akwai gwaji mai sauƙi da za ta yi wa wannan jeri. Ta rufe sauran rubutun, ta karanta kanun kaɗai a jere. Idan wanda bai ga jingar ba zai iya fahimtar inda maganar ta taso da inda ta nufa, kanun sun yi aikinsu. Idan kuwa abin da ke wurin shi ne "Babi na Ɗaya", "Ci gaba", "Ƙarin Bayani", to ba su faɗa wa kowa komai ba. Dubi abin da 3.1 da 3.2 suka yi mata: da zarar ta raba tarihin tafkin gida biyu, dole ta nemo abin da za ta rubuta a ƙarƙashin na biyu, kuma a wannan neman ne za ta gano cewa labarin bai tsaya a 1985 ba.

Sauran ƙa'idojin kanu kaɗan ne. Idan akwai 4.1, lallai a sami 4.2, domin ba a raba abu gida ɗaya. Kanun da ke mataki ɗaya su yi kama da juna a girma da kauri da wurin zama. Idan na farko yana gefen hagu da rubutu mai kauri, kada na uku ya koma tsakiya da jan layi a ƙasa. Ba a sa aya a ƙarshen kai. Kuma kada kai ya zauna shi kaɗai a layin ƙarshe na shafi, bayaninsa kuwa yana shafi na gaba. A tura shi ya bi abinsa.

Bayanin zane: zane ya iya tsayawa da ƙafarsa

A sashe na biyu ɗalibar za ta so ta sa zanen da ke nuna hawan zafin duniya, layin nan da ke ta yin sama daga hagu zuwa dama. Abin da aka saba gani shi ne a kwafo shi daga intanet, a manna, a rubuta "Ɗumamar yanayi" a ƙasa, shi ke nan. Wannan lakabi ne kawai. Bayanin zane na gaskiya yana amsa tambayoyi biyar: zane na nawa ne, me aka auna, a ina da kuma wane lokaci, da wane ma'auni, daga ina aka samo.

A zanen zafin duniya akwai tambaya ta shida, kuma ita ce mafi muhimmanci: an kwatanta da yaushe? Irin wannan zane ba ya nuna zafin kansa. Abin da yake nunawa shi ne tazarar da ke tsakanin zafin kowace shekara da matsakaicin wasu shekaru da aka zaɓa a matsayin ma'auni. Hukumomi kuwa ba su zaɓi shekaru ɗaya ba. Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, tana kwatantawa da matsakaicin 1951 zuwa 1980. Kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, IPCC, da Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya, WMO, suna kwatantawa da 1850 zuwa 1900, lokacin da masana'antu ba su kai ga cika sama da hayaƙi ba.

Ga abin da wannan ke jawowa. NASA ta ce zafin shekarar 2024 ya ɗara ma'auninta da digiri 1.28 na Salshiyas. WMO ta ce zafin wannan shekarar ya ɗara nata ma'aunin da kimanin digiri 1.55. Ɗalibar da ta sa zanen NASA a shafi na biyu, ta kuma rubuta adadin WMO a cikin bayaninta, za ta bar mai karatu yana duban layin da ya tsaya wajen 1.3 alhali rubutu na cewa 1.55. Zai ɗauka ko ita ta yi kuskure, ko masana ba su san abin da suke faɗa ba. Babu ko ɗaya a ciki. Duniya ta riga ta ɗan ɗumama kafin 1951, don haka wanda ya fara awo daga can baya dole tazararsa ta fi faɗi. NASA da kanta ta ce idan aka mayar da awonta kan ma'aunin 1850 zuwa 1900, adadin zai zama kimanin 1.47. Ɗan bambancin da ya rage kuwa, WMO tana haɗa alƙaluman cibiyoyi shida ne ta fitar da matsakaici. Rabin layi a bayanin zane ya isa ya kashe wannan ruɗani. Ga yadda cikakken bayanin zai kasance:

*Zane na 1. Tazarar matsakaicin zafin doron duniya na kowace shekara, 1880 zuwa 2024, a ma'aunin °C, idan an kwatanta da matsakaicin 1951 zuwa 1980. Tushe: NASA (2025).*

Wanda ya buɗe jingar a wannan shafi, bai karanta komai ba sai wannan, ya san abin da yake kallo.

Zane na biyu zai zama hotuna biyu na tafkin daga sama, ɗaya na da, ɗaya na baya-bayan nan, gefe da gefe. A nan tarkon daban ne. Tafkin Chadi ba shi da zurfi, saboda haka ɗan hawan ruwa kaɗan kan mamaye fili mai yawa. Yakan cika bayan damina, lokacin da ruwan kogin Shari ya iso daga kudu, sannan ya ja baya kafin wata daminar. Idan hoto ɗaya an ɗauke shi a lokacin cikar ruwa, ɗayan kuma a ƙarshen rani, wani kaso na bambancin da ido ke gani aikin lokacin shekara ne kawai. Don haka shekara ita kaɗai ba ta isa ba a bayanin irin wannan hoto. A rubuta wata da shekarar kowanne, a faɗi wanne ne na hagu wanne ne na dama, a faɗi abin da launuka ke nufi, domin a hotunan tauraron ɗan Adam da yawa launin da ake gani ba shi ne na zahiri ba, ciyayi kan fito ja. Idan inda ta samo hoton bai faɗi watan da aka ɗauka ba, ta nemi wani hoton.

Wurin zaman bayani ma yana da al'ada. A yawancin littattafan kimiyya bayanin zane ko hoto ko taswira yana ƙasa, na jadawali kuma yana sama, domin jadawali daga sama ake karanta shi, ana son a san abin da ke ciki kafin a shiga layukan alƙaluma. Tsarin APA a bugunsa na bakwai ya sha bamban: yana sa lamba da take a sama ga duka biyun, ƙarin bayani da tushe kuma a ƙasa. Duk wanda malam ya zaɓa shi za a bi, a kuma tsaya a kansa har ƙarshe. Zane-zane suna da nasu jerin lambobi, jadawalai suna da nasu, don haka ana iya samun Zane na 1 da Jadawali na 1 a jinga ɗaya ba tare da sun yi karo ba.

Abu biyu suka rage. Na ɗaya, kowane zane a ambace shi a cikin rubutu da lambarsa kafin ya bayyana: "kamar yadda Zane na 1 ya nuna". Kada a ce "zanen da ke ƙasa", domin idan an je bugawa shafi na iya motsawa, na ƙasa ya koma bayan shafi. Zanen da ba a ambace shi ko'ina ba, alama ce cewa cika wuri aka sa shi ya yi, a cire shi. Na biyu, a faɗi gaskiyar alaƙarta da zanen. Idan kwafowa ta yi yadda yake, ta rubuta tushe. Idan ita ta zana da hannunta daga alƙaluman wata hukuma, ta rubuta "an zana daga alƙaluman" wannan hukuma. Idan kuwa ita ta auna ruwan sama a makarantarsu, ta ce awonta ne, ta faɗi wuri da watanni. Kuma duk zanen da ta yi da kanta, layin kwance da layin tsaye kowanne ya sami sunansa da ma'auninsa: shekara a kwance, milimita ko °C a tsaye.

Manazarta: sarƙar da ke kai mai karatu ga mai magana

Wanda ya zauna gaban malamin hadisi ya san ba a karɓar magana sai da isnadinta: wane ya ji daga wane, har a kai ga asali, kuma idan sarƙar ta tsinke a tsakiya darajar maganar ta ragu. Manazarta a rubutun kimiyya wannan aikin suke yi. Sarƙar tana da zobe biyu. Na farko gajeriyar madogara ce a cikin rubutu, daidai inda aka kawo adadin. Na biyu cikakken bayani ne a jerin manazarta na ƙarshe. Na farko yana nuna na biyu, na biyu yana kai mutum ga takardar kanta.

A tsarin APA, wanda ya yaɗu a manyan makarantun Najeriya, madogarar cikin rubutu sunan mahaifi ko na dangin marubuci ne da shekara, a cikin baka. Ɗalibarmu za ta gyara jimlarta ta zama magana biyu. Ta farko za ta ce tafkin ya yi mummunar raguwa daga shekarun 1960 sakamakon ƙarancin ruwan sama da noman rani, ta rufe da `(Coe & Foley, 2001)`. Ta biyu za ta ce binciken baya-bayan nan ya nuna faɗinsa bai ci gaba da raguwa ba tun wajen 2000, ta rufe da `(Pham-Duc et al., 2020)`. Wannan `et al.` ana sa shi ne idan marubuta sun kai uku ko fiye, ma'anarsa da sauransu. Mai karatu na ganin 2001 da 2020 kusa da juna zai gane cewa maganganun biyu ba sa faɗa da juna, kowace tana ba da labarin zamaninta ne. Wannan shi ne amfanin shekarar da ke cikin baka, kuma a wannan fanni ba ƙaramin amfani ba ne. Iskar kabon da ke sararin sama, wadda Charles David Keeling ya fara aunawa a dutsen Mauna Loa na Hawaii a 1958, tana wajen kashi 315 cikin miliyan a lokacin. Ta taɓa 400 a 2013, yanzu kuwa ta haura 420. Ɗalibin da ya ɗauko adadi daga tsohon littafin ɗakin karatu ya rubuta shi ba shekara, ya faɗi gaskiyar jiya da sunan ta yau.

A jerin ƙarshe kowace shigarwa tana amsa tambayoyi huɗu a jere: wa ya rubuta, yaushe, mene ne sunan aikin, a ina za a same shi. Ga ta maƙalar mujalla:

```
Coe, M. T., & Foley, J. A. (2001). Human and natural impacts on the
    water resources of the Lake Chad basin. Journal of Geophysical
    Research: Atmospheres, 106(D4), 3349–3356.
```

Sunan dangi ne a gaba, sai haruffan farko na sauran sunaye. Shekara a baka. Taken maƙala a rubutu na yau da kullum, sunan mujalla da lambar kundi kuma a karkataccen rubutu. Lambobin ƙarshe shafuka ne. Idan maƙalar tana da lambar shaida ta dindindin da ake kira DOI, a ƙara ta a ƙarshe. A lura da yadda layi na biyu da na uku suka shiga ciki kaɗan, kimanin santimita 1.27. Ana yin haka ne don sunayen marubuta su fito a gefe, ido ya yi saurin samunsu. Jerin kuma bisa haruffan abacada yake tafiya, ba bisa yadda aka ambace su a jinga ba.

A rubutun sauyin yanayi sau da yawa hukuma ce marubuciya, ba mutum ba. Sai sunanta ya zauna a gurbin marubuci:

```
Intergovernmental Panel on Climate Change. (2021). Climate change 2021:
    The physical science basis. Cambridge University Press.
```

Haka za a yi da rahoton hasashen yanayi da hukumar NiMet ke fitarwa duk shekara a Najeriya, ko takardun cibiyar AGRHYMET da ke Yamai, ko na Hukumar Raya Tafkin Chadi da aka kafa a 1964. Rahoton IPCC ɗin nan ya haura shafi dubu biyu, don haka adalci ne ɗaliba ta ƙara lambar shafi ko babi a madogarar cikin rubutu. Idan kuwa kalmomin marubuci ta ɗauko yadda suke, alamar buɗe magana da rufewa da lambar shafi sun zama dole.

Kurakurai uku ne suka fi yawa a nan, kuma duk ana gane su da kallo ɗaya. Na farko, a rubuta "Google" ko "intanet" a matsayin tushe. Injin bincike hanya ce da aka bi, ba shi ne mai maganar ba. A shiga shafin a nemo wanda ya rubuta, da ranar da aka wallafa, da taken shafin, sannan a ƙara adireshinsa. Idan babu shekara ko'ina, a sa `n.d.` a gurbinta, amma a yi hattara da ɗaukar adadin yanayi daga shafin da ba shi da kwanan wata. Na biyu, a jera manyan littattafan da ba a taɓa buɗewa ba don jerin ya yi kwarjini. Idan ɗalibar a littafin darasi ta ga an ambaci binciken Coe da Foley, ba ta ga maƙalar da idonta ba, sai ta ce Coe da Foley kamar yadda marubucin littafin ya ruwaito, ta kuma sa littafin darasin a manazarta. Wannan ba abin kunya ba ne, gaskiyar sarƙar ke nan. Na uku, a sami suna a cikin rubutu babu shi a jeri, ko yana jeri ba a ambace shi a ciki ba.

A kan kwamfuta, ko a kan takarda

Wanda zai buga jingarsa da Microsoft Word zai huta idan ya bar manhajar ta riƙe masa tsarin. Maimakon ƙara wa kowane kai girma da hannu, a zaɓe shi a danna `Heading 1` ga babba, `Heading 2` ga ƙarami. Daga nan jerin abubuwan da ke ciki zai fito da kansa ta `References` sannan `Table of Contents`. Lambar zane kuma a sa ta ta `References` sannan `Insert Caption`, ta yadda idan an cusa sabon zane a tsakiya sauran lambobin za su gyaru. Idan wani abu bai sabunta ba, a danna `Ctrl+A` sannan `F9`. Shigar da layi na biyu ciki a manazarta kuwa `Ctrl+T` ne ke yin sa. Kafin a kai shagon buga takardu a mayar da fayil ɗin PDF, domin kwamfutar shago kan hargitsa shafuka, zane ya rabu da bayaninsa.

Ɗalibai da yawa da biro suke rubuta jingarsu, kuma ba abin da suka rasa. Abin da na'ura za ta karkatar, wato sunan littafi ko na mujalla, sai a ja masa layi a ƙasa da rula. A zana zane da fensir, a bar layi biyu ko uku a ƙasansa tun kafin a ci gaba da rubutu, don kada a zo ana matse bayani a gefen takarda. Manazarta kuma a fara jera su a wata takarda daban bisa abacada kafin a kwafe su a tsanake. Dabarar da ta fi kowace sauƙaƙa aiki ita ce a rubuta marubuci da shekara da take da shafi a daidai lokacin da aka ɗauki adadi. Komawa neman asalin adadi a daren miƙa jinga ya fi rubuta jingar wahala.

Dubawar ƙarshe, da iyakar abin da tsari ke iya yi

Kafin ta miƙa, ɗalibar ta ɗauki fensir ta bi jingar sau uku. A zagaye na farko ta karanta kanu kaɗai. A na biyu ta karanta bayanin kowane zane kamar ba ta san komai ba, ta tabbatar akwai wuri da lokaci da ma'auni da tushe, ta kuma nemo inda aka ambaci lambarsa a rubutu. A na uku ta kewaye kowane adadi da ke cikin jingar, ta duba ko akwai suna da shekara kusa da shi, ta je jeri ta yi wa wannan sunan alama. Duk shigarwar da ta rage ba alama, a cire ta. Ga malamai kuma, shafi ɗaya na misali da aka liƙa a allo, mai ɗauke da kai ɗaya da zane ɗaya da manazarta biyu, ya fi a ce wa aji "ku bi tsarin APA" a wuce, domin yawancinsu ba su taɓa ganin yadda abin yake a takarda ba.

Amma a san iyakar abin. Tsari mai kyau ba ya mayar da tushe marar inganci ya zama ingantacce. Saƙon da aka yi ta turawa a waya, ko da an jera shi da waƙafi da aya a inda suka dace, jita-jita ne dai. Abin da tsarin ke yi shi ne tona asiri da wuri: idan aka zo cike gurbin marubuci aka rasa suna, aka zo gurbin shekara aka rasa adadi, to takardar da kanta ta faɗa maka kada ka dogara da ita. A nan ɗalibi yana da zaɓi biyu kacal, ko ya bi sawun adadin har ya kai ga hukuma ko mai binciken da ya fitar da shi, ko ya goge shi daga jingarsa. Jinga mai alƙaluma biyar da kowanne aka san mai shi da shekararsa ta fi mai ashirin da ba wanda zai iya tsaya musu idan malam ya ɗaga kai ya ce, "Wannan fa, daga ina kika samo?"